Nakan daɗe a banɗaki amma ba na jin na gama

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 36, malamar firamare, da 'ya'ya huɗu. Tun haihuwata ta ƙarshe shekara 3 da suka wuce, wadda aka yi mini ƙari aka ɗinke, ban ƙara jin daɗin bayan gida ba. Kullum ina zuwa, kuma ba tauri yake yi ba, amma sai in yi rabin awa ina yunƙuri, kaɗan ya fito, in tashi ina jin da saura. Kafin in tafi makaranta sai na koma sau uku ko huɗu. Wani lokaci, ki gafarce ni, sai na sa yatsa. Na sha maganin basir kala-kala, na sha filasko har na gaji, sai dai ya murɗa mini ciki ya sa ni gudawa, kuma duk da haka ina jin da saura. Ba na ganin jini. Ko alwala na yi hankalina ba ya kwanciya. Wata likita ta duba ni ta ce tsokar wurin ce take matsewa maimakon ta saki, wai in je a yi mini bayofidbak. Mene ne shi? Lantarki za a sa mini? Kuma ta yaya na'ura za ta gyara abin da magani ya kasa?

Daga wata baiwar Allah, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba za a sa miki lantarki ba, kuma na'urar ba ita ce za ta gyara ki ba. Aikinta kawai ta nuna miki abin da tsokarki take yi a daidai lokacin da take yin sa, ke kuma ki koyi sarrafa ta. Amma kafin mu je can bari in faɗa miki abin da likitar nan ta ji da yatsarta, domin sai kin gane shi sauran bayanin zai zauna.

A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar tsokoki da ke tallafe da mafitsara, mahaifa da ƙarshen hanji. Ɗaya daga cikinsu, wadda likitoci ke kira fuborektalis, ta taso daga ƙashin mara ta gaba, ta zagaye ƙarshen hanji ta baya, ta dawo ta maƙale a ƙashin. Tana jan hanjin gaba, sai ya lanƙwashe kamar tiyon ruwa da aka karya a tsakiya. Wannan lanƙwasar, tare da zoben tsokar da ke bakin dubura, ita ce take riƙe bayan gida kina tsaye a gaban allo kina koyarwa. Idan lokacin fitarwa ya yi, abubuwa biyu ne ya kamata su faru tare. Ciki ya tura daga sama, tsokar ƙasa kuma ta saki, hanya ta miƙe, baki ya buɗe. Mai lafiya ba ya ma sanin yana yin biyun, kuma cikin minti ɗaya ko biyu ya gama.

A wurinki, bisa abin da aka gani, na biyun ne ya juye. Kina turawa daga sama, tsokar ƙasa tana ƙara matsewa. Kina ƙara ƙarfi, ita ma tana ƙara nata, domin a jikinki yunƙuri da matsewa sun zama abu guda. Abin da ya kusa bakin hanya yakan samu ya kuɓuce, sauran ya tsaya a sama da lanƙwasar, kuma ƙarshen hanji yana ci gaba da sanar da ƙwaƙwalwa cewa da kaya a ciki. Abin da kike ji gaskiya ne, ba waswasi ba ne, da sauran.

Wannan shi ya sa filasko bai yi miki komai ba. Shi filasko babban hanji yake zuga ya tura abin da ke cikinsa ƙasa da sauri, kuma ga wanda hanjinsa ne ke da nawa, yana aiki. Ke kuwa kayanki suna isowa bakin hanya a kan lokaci, kullum, da laushinsu. Babu abin da ganye ko ƙwaya za su ce wa tsokar da ta koyi matsewa a lokacin da bai dace ba. Alamar da ta fi jan hankalina a wasiƙarki ita ce ko gudawa kike yi sai kin ji da saura. Mai taurin bayan gida na yau da kullum da zarar abin ya yi laushi ya huta. Wanda laushi bai hutar da shi ba, a duba masa ƙofa.

Yadda jiki ke koyon wannan ɗabi'ar ba abin mamaki ba ne. Mace mai sabon ɗinki tana tsoron bayan gida na farko bayan haihuwa fiye da yadda take faɗa wa kowa. Ta tsuguna, ta ji zafi, jikinta ya ƙame don ya kare wurin. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ɗinkin ya warke cikin makonni, amma ƙamewar ta zauna. Wasu kuma daga tsagewar dubura suke samun sa, wasu daga tiyatar basir, wasu daga shekarun da suka yi suna riƙe bayan gida saboda ƙyamar masan makarantar kwana ko na wurin aiki, wasu tun suna yara. Maza ma suna yi, kada ki ɗauka na masu haihuwa ne kaɗai. Likitoci biyu a asibitin St Mark's da ke Landan, Preston da Lennard-Jones, sun bayyana shi a 1985, kuma tun daga lokacin aka gane cewa cikin masu fama da daɗaɗɗiyar matsalar bayan gida da ba ta jin magani, da yawa wannan ce ke damun su. Mu a nan duk mun tattara mun zuba a buhun basir, masu lasifika a kasuwa kuma suna cin kasuwarsu. Basir ɗin yana iya kasancewa, sai dai sau da yawa shi ɗa ne, yunƙurin rabin awa kullum shi ya haife shi.

Kafin ki fara horon, ina so a tabbatar da ganewar. Likitar ta yi abin da ya dace, domin duba da yatsa a hannun wanda ya iya yana gano wannan matsalar sosai: za ta ce ki yi yunƙuri, ta ɗora ɗaya hannun a cikinki, ta ji ko tsokar ta saki ko ta kama yatsarta. Amma mutum kwance a gaban baƙo, kunya kaɗai tana iya sa shi ya matse. Don haka ake ƙarawa da gwaji biyu inda akwai hali. Na farko mai sauƙi ne ƙwarai. Ana saka ƙaramar balan-balan a dubura, a cika ta da ruwa mai ɗumi mililita 50, a bar ki ke kaɗai a banɗaki ki fitar da ita. Mai lafiya yakan fitar cikin minti ɗaya, wanda ya wuce minti biyu bai fitar ba kuwa akwai magana. Na biyu shi ne manometiri, siririn bututu mai auna matsi a cikin hanji da kuma a bakin dubura lokaci guda. Abin da ake so a gani idan kin yi yunƙuri shi ne matsin ciki ya hau, na baki ya sauka da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Idan duka biyun suka hau tare, magana ta fito.

Akwai abu ɗaya da nake so ki koma ki faɗa wa likitar ba tare da kunya ba: yatsar da kike sawa, a ina kike sa ta? Idan a cikin gabanki kike sawa ki danna bangon baya sannan abin ya fito, wannan yana iya nuna cewa bangon da ke tsakanin gaba da hanji ya yi rauni ya yi aljihu, kaya suna maƙalewa a ciki. Yana faruwa ga matan da suka haihu da yawa, kuma yana iya haɗuwa da matsewar tsokar a jikin mace ɗaya. Ko da haka ne, da horon ake farawa, domin ɗinke aljihun ba tare da gyara yunƙurin ba yakan sa ya dawo. Amma sanin yana nan zai canza abin da za ki sa rai da shi.

To ga yadda zaman bayofidbak yake. Mai yin sa yawanci ma'aikaciyar sashen fisiyo ce da ta ƙware a tsokokin ƙugu, ko nas da aka horar, kuma kina da damar cewa mace kike so. Za ki kwanta ta gefen hagu a rufe ki da zane, a shafa man santsi a saka ɗan abin awo da bai fi kaurin yatsa ba. Wani nau'in matsi yake aunawa, wani kuma motsin tsoka yake ɗauka, har akwai wanda a fata kawai ake manna shi kusa da wurin. Duk cikinsu babu mai tura lantarki cikin jikinki, saurare kawai suke yi. Daga nan sai ki zauna a kujerar banɗaki ta musamman, allo yana gabanki. A allon za ki ga layi biyu, ɗaya na ƙarfin turawar ciki, ɗaya na matsin ƙofa.

Za a ce ki matse kamar kina riƙe iska. Layin ƙofa ya hau. A ce ki saki. Ya sauka. Wannan don ki yarda cewa layin nan naki ne, ke kike tuƙa shi. Sai a ce to yi yunƙuri kamar yadda kika saba a gida. A nan yawancin mutane suke buɗe baki don mamaki, domin kina rantsuwa kin saki, kin buɗe, kina turawa, amma ga layin ƙofa can sama ya fi lokacin da aka ce ki matse da gangan. Shekara uku kina tsammanin kina buɗewa. Babu wanda zai iya gamsar da ke da baki cewa rufewa kike yi, domin wurin ba ya ganuwa, kuma abin da kike ji daga can ya rikice. Allon ne yake raba gardama, kuma wannan ganin shi ne mafarin maganin.

Abin da ya rage koyo ne, mataki-mataki. Da numfashi ake farawa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, ki shaƙi iska ta hanci har cikin ya taso ƙirjin bai motsa ba. Dalili kuwa shi ne masu wannan matsalar da wuya da fuska suke yunƙuri: su riƙe numfashi, su cije haƙora, jijiyoyin wuya su miƙe, su tsuke ciki ya shige. Tsuke cikin nan yana jan tsokar ƙasa ta matse tare da shi. Turawar da ake so akasin haka ce. Ki shaƙi iska, ki bar kwiɓinki ya faɗaɗa, cikin ya bultso gaba ya yi ɗan tauri, ƙarfin ya gangara ƙasa da baya, bakinki a sake, kafaɗu a sake. Idan aka kasa ƙarfinki kashi goma, biyar zuwa bakwai ake so, ba goma ba. Kina yi kina kallon allo. Karon farko layin ƙofa zai hau. Na biyar ma wataƙila ya hau. Can sai ki yi wani abu da ba za ki iya ba shi suna ba, ki ga ya ɗan sauka, mai horarwa ta ce yauwa, shi ke nan, riƙe wannan, sake yi. Haka za a yi ta maimaitawa sau goma ko goma sha biyar a zama ɗaya har jikinki ya haddace yadda sakin yake.

Bayan kin fara kama shi, sai a dawo da balan-balan ɗin nan mai ruwa, wannan karon a matsayin darasi. Kina turawa yadda aka koya miki, mai horarwa tana ɗan jan bututun a hankali don ki ji yadda fita take idan hanya a buɗe take. A zama na gaba ta rage jan, daga baya ta daina, ki fitar da kanki. Sannan a juya allon, ki yi ba tare da kina gani ba, ita tana duba ko kin riƙe. Wannan matakin bai kamata a tsallake shi ba, tunda babu allo a banɗakin gidanki. Wasu kuma ana ƙara musu horon ji. Idan ƙarshen hanji ya daɗe yana cike, yakan dakushe, sai kaya sun taru da yawa kafin mutum ya ji kira. Ana hura balan-balan da iska har ki ji, sannan a riƙa rage yawan iskar kina koyon gane ƙaramin kira. Ke da kike yawan jin kira ba na tsammanin za ki buƙaci wannan, amma gwajin ne zai faɗa.

Yawanci zama huɗu zuwa shida ne, kowanne minti 30 zuwa awa ɗaya, tsakaninsu mako ɗaya ko biyu. Ba ya zafi sai dai in akwai tsagewa ko rauni a wurin, kuma idan akwai, shi ake fara warkarwa, don ba a koya wa tsoka saki alhali zafi yana ce mata ta kama. Kunya dai akwai ta a zaman farko, ba zan ɓoye miki ba.

Kin tambaya ta yaya zai fi magani, kuma an gwada su kai da kai. A Italiya, Chiarioni da abokan aikinsa sun raba masu wannan matsalar gida biyu a binciken da suka buga a 2006. Kashi ɗaya aka yi musu zaman bayofidbak biyar, ɗaya kashin aka ba su maganin sassauta bayan gida kullum. Bayan wata 6, kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka horar sun ce sun sami sauƙi sosai, a ɓangaren masu shan magani kuwa kashi 22 ne, kuma sauƙin masu horon yana nan da aka sake duba su bayan shekara 2. A Amurka, Heymen da abokansa a 2007 sun kwatanta shi da ƙwayar sassauta tsoka, horon ya fi ta nesa ba kusa ba. Rao da abokansa a Iowa, su ma a 2007, sun kwatanta shi da horon bogi, wato a saka na'ura amma ba a koyar da sakin ba, na gaskiyar ne ya yi aiki. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, don ya nuna ba kulawar da ake ba mutum ko kwarjinin na'ura ne ke warkarwa ba, koyon ne. A taƙaice kusan bakwai cikin goma suna amfana. Ukun da suka rage su ma mutane ne, zan dawo kansu.

Zaman asibiti bai wuce awa ɗaya a mako ba, sauran aikin a gida yake. Ga yadda nake so safiyarki ta kasance. Ki karya kumallo da wuri, ko da koko ne ko shayi mai zafi da ɗan abin tauna, domin cin abinci yana tayar da motsin hanji, kuma ya fi ƙarfi da safe. Bayan kamar minti 30 ki shiga banɗaki. Idan masan tsuguno ne, kin dace, tsuguno yana miƙar da lanƙwasar da kansa, sai dai ki tabbata tafin ƙafarki duka yana ƙasa, domin mai tsayuwa a kan yatsun ƙafa duk ƙugunsa a ƙame yake. Idan na zama ne, ki sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafafunki gwiwoyi su ɗara ƙugu, ki ɗan sunkuya gaba ki ɗora gwiwar hannu a cinya. Ki yi numfashin ciki sau huɗu ko biyar kafin komai. Sannan ki tura na 'yan daƙiƙoƙi, ki huta, ki sake. Minti biyar suna cika ki yi tsarki ki tashi, ko kin ji kin gama ko ba ki ji ba.

Na san wannan tashin shi ne zai fi yi miki wuya. Amma ki lura da wani abu. Dogon yunƙuri yana kumbura fatar cikin hanyar, kumburin kuma shi kansa yana ba da jin cewa da saura ko da babu. Wato bayan minti goma na farko, wani ɓangare na abin da kike ƙoƙarin fitarwa jikinki ne. Komawa sau uku da huɗu yana ƙara kumburin, gobe ki tashi da shi. Don haka sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan abincin dare idan akwai buƙata, sai kuma idan kira na gaske ya zo, wanda shi ba a danne shi. Waya kada ta shiga banɗaki. Yatsa kuma a riƙa janye ta a hankali yayin da horon ke kama jiki, ba rana ɗaya ba, don kada ki firgita ki koma gidan jiya. A wajen banɗaki, ki ware minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana, ki kwanta rigingine gwiwoyi a lanƙwashe, ki yi numfashin ciki kina jin ƙasanki yana sauka duk lokacin da kika shaƙa.

Ki yi hattara da wata shawara da za ki ji a wurin mata ko ki gani a waya, wato motsa jikin Kegel, na matsewa da sakewa sau ɗari a rana don gyaran jiki bayan haihuwa. Yana da amfani ga mai yoyon fitsari saboda raunin tsoka. Ke taki tsokar ba rauni ne da ita ba, rashin saki ne, ƙara mata matsewa zai iya dagula miki lissafi. Kada ki yi shi sai mai horar da ke ta ce. Haka ma magungunan matsi da ake cusawa, ki nisance su.

A batun abinci ba ni da dogon zance, tunda naki da laushinsa. Ki ci gaba da miyar kuɓewa da kuka da zogale, da wake da gwanda, ki sha ruwa daidai ƙishinki. Kada ki cika kanki da dusa ko garin harza don an ce yana maganin bayan gida, domin ƙara kaya a bayan rufaffiyar ƙofa kumburin ciki kawai zai jawo miki. Filasko da jiƙe-jiƙen basir ki ajiye su. Bayan gida mai ruwa-ruwa ma ya fi wuyar fita tsaf fiye da mai laushi a haɗe. Idan ya yi tauri wata rana, likita tana iya ba ki laktulos ko makrogol na ɗan lokaci. Kuma ki gaya mata duk abin da kike sha, musamman ƙwayar ƙarin jini ko maganin ciwo irin su tiramadol da kodin, don suna busar da hanji.

Maganar alwala, hukuncinta na malamai ne, ki tambaye su. Abin da zan faɗa miki daga ɓangaren jiki shi ne jin da saura daban, fitar wani abu daban. Tsokar da ta ƙi saki ba ta cika barin komai ya zubo ba. Amma idan kina ganin ɓaci a kamfai bayan kin yi tsarki, ki faɗa wa likita, domin mai ɗinkin haihuwa ana so a duba ko zoben tsokar ya sami rauni a wani gefe, kuma wannan zai canza irin horon da za a ba ki. Kada kuma ki riƙa cusa yatsa ciki da ruwan buta da sunan tsarki, yana ƙara fusata wurin. Ki lura da fitsarinki ma. Shimfiɗar tsokar ɗaya ce, kuma wasu matan masu irin taki suna jinkirin fara fitsari, ko ya riƙa yankewa, ko su ji bai ƙare ba, wasu kuma suna jin zafi wajen saduwa. Idan akwai ɗaya daga ciki ki ambata, horo ɗaya ne yake taɓa su duka.

Yadda za ki gane yana aiki: ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta minti nawa kika yi, sau nawa kika koma, ko kin sa yatsa. Abin da ke fara canzawa shi ne lokaci da yawan yunƙuri. Jin cewa kin gama tsaf shi ne yake zuwa a ƙarshe, wani lokaci sai bayan an gama zaman da makonni, don haka kada ki yanke hukunci da shi. Idan kin yi zama shida kina aikin gida da gaske, balan-balan tana fita cikin minti ɗaya, layin allo ya gyaru, amma har yanzu kina wahala, to akwai wani abu ban da tsokar. A nan ake ɗaukar hoton yadda hanji ke yi lokacin fitarwa, don a ga aljihun da na ambata ko bangon hanji da ke naɗewa cikin kansa, ko a auna saurin tafiyar babban hanji. Wanda matsalarsa nawar hanji ce zalla horon ba ya yi masa wani abin kirki. Waɗanda ba ya karɓa kuma akwai masu zuwa zama amma ba sa yin na gida, da masu fama da matsananciyar damuwa da ba a kula da ita ba, da waɗanda wani mugun abu ya taɓa faruwa da su a wannan wurin suka kasa sakin jiki. Su ma ana taimaka musu, sai dai a hankali, kuma tare da mai ba da shawara.

Duk wanda ya ce zai yanka tsokar don ta saki, likita ne ko wanzami, ki ce a'a. An gwada hakan a da aka bari, domin yana barin mutum ya kasa riƙe bayan gida, wanda ya fi abin da kike ciki muni.

Na'urar ba a kowane asibiti take ba, masu horon ma ba su da yawa. Ki nemi likitar ta rubuta miki takardar turawa zuwa sashen fisiyo na asibitin koyarwa, ga na Shika nan kusa da ke, ga na Malam Aminu Kano, ki tambaya ko akwai mai aikin tsokokin ƙugu na mata. Idan babu allo kada ki juya. Ƙwararriya tana iya tsayawa a matsayinsa da yatsarta cikin safar hannu, tana ce miki yanzu kin matse, yanzu kin saki, ta haɗa da horon balan-balan da na numfashi. Bai kai na allo daidaito ba, amma tushen ɗaya ne, wani yana faɗa miki gaskiyar abin da tsokarki ke yi nan take.

Kin ce ba kya ganin jini, kuma shekararki 36, wannan ya kwantar mini da hankali. Amma idan jini ya bayyana gauraye da bayan gida, ko ya koma baƙi ƙirin ba kya shan ƙwayar ƙarin jini, ko kina ramewa ba dalili, ko akwai wanda ya yi kansar hanji a gidanku, to sai an leƙa hanji da kyamara kafin a ci gaba da zancen horo. Idan kuma kika wayi gari tsakanin cinyoyinki ya mutu ba kya ji, ga ciwon baya, ga fitsari ya ƙi fita ko ƙafa ta yi nauyi, wannan na jijiyar laka ne, a ranar za ki je asibiti ba sai gobe ba.